Yadda ake shafa wa firosesa man sanyaya da ɗaura masanyayi ba tare da an lanƙwasa alluran soket ba

Kwamfutar tebur da ta shekara huɗu ko biyar tana aiki a ofis ko a shago takan fara nuna gajiya ta hanya guda. Fankarta takan riƙa kuka tun da safe, aikin da a da take gamawa nan take ya koma jan ƙafa, wani lokaci kuma ta mutu da kanta ana tsakar aiki. Idan aka kai ta wurin mai gyara, sau da yawa hukuncinsa shi ne ƙura ta toshe masanyayi, kuma man da ke tsakaninsa da firosesa ya bushe. Gyaran ba shi da tsada, bai kuma fi aikin rabin awa ba. Sai dai a cikin wannan rabin awar ce ake yawan yi wa kwamfuta lahanin da ya fi ciwon da aka kawo ta da shi, domin a ƙarƙashin firosesa akwai allurai sama da dubu da ba sa jure kuskuren hannu.

Kafin a shiga bayani, yana da kyau a san abubuwa huɗun da za a riƙa ambata. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, 'yar ƙaramar aba mai kusurwa huɗu da aka rufe samanta da murfin ƙarfe. Soket shi ne mazauninta a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Masanyayi shi ne dunƙulen alminiyam mai fikafikai da fanka a kansa, wanda ake ɗorawa a kan firosesa ya zuƙe zafinta. Man sanyaya kuwa, wanda a kasuwa ake ce wa tamal fes, shi ne mai kaurin nan mai ruwan toka da ake sayarwa a cikin ƙaramin sirinji.

Aikin man, da dalilin da ya sa kaɗan ake so

Mutane da yawa sun ɗauka man ne ke sanyaya firosesa, don haka suke ganin yawansa alheri ne. Ba haka abin yake ba. Murfin firosesa da gindin masanyayi duka suna da santsi a ido, amma in aka duba da madubin ƙara girma za a ga ƙananan ramuka da tudu. Idan aka haɗa su a bushe, wurare kaɗan ne ke taɓa juna, sauran kuwa iska ce a tsakani, ita kuma iska ba ta kai zafi. Aikin man shi ne ya kori iskar ya cike ramukan, iyakarsa ke nan.

Alƙaluma suna fayyace wannan. A ma'aunin da ake gwada yadda abu ke kai zafi, jan ƙarfe yana da kimanin 400, alminiyam yana da sama da 200, man sanyaya na yau da kullum bai cika wuce 10 ba, iska kuma tana da 0.026 kacal. Wato man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma ƙarfe ya fi shi da ninki goma-goma. Duk kaurin da man ya ƙara fiye da abin da ake buƙata, shinge ya zama.

A ɗauki firosesa mai fitar da zafin wat 65, murfinta mai faɗin santimita 3 a kowane gefe, da mai wanda ma'auninsa 5 ne. Idan kaurin man kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ne, wato kamar sirantar gashi, lissafi ya nuna bambancin zafi tsakanin murfi da masanyayi bai kai digiri ɗaya ba. Idan kaurin ya kai rabin milimita, bambancin ya haura digiri 7. Idan kuwa a wannan siririn gurbin na farko iska ce zalla ba mai ba, lissafin zai ba da sama da digiri 130, abin da ke nufin firosesa za ta kai iyakarta ta kare kanta tun kafin a je ko'ina. A zahiri zafi ya fi taruwa a tsakiyar murfi, don haka alƙaluman gaske sukan ɗara waɗannan, amma darasin bai canza ba. Abin da ke sirantar da man kuwa shi ne matsin masanyayi, ba gwanintar shafawa ba. Shi ya sa ɗaurin masanyayi ya fi shafa man muhimmanci, ko da yake man aka fi yi wa surutu.

Ina alluran suke?

Amsar ta danganta da irin kwamfutar, kuma dole a sani kafin a kwance ko da sukuru ɗaya. Tun daga soket ɗin LGA775 na shekarar 2004, kamfanin Intel ya mayar da alluran kwamfutocin tebur cikin soket. Ƙasan firosesar sumul yake, sai ɗigo-ɗigon zinare, su kuma alluran suna tsaye a karkace a cikin soket kamar gashin buroshi, kowace tana jiran ɗigonta. Lambar da ke cikin sunan soket ita ce adadin alluransa: LGA1155 na 2011, LGA1151 na 2015, LGA1200 na 2020, da LGA1700 na 2021. Yawancin kwamfutocin ofis na hannu da ke cika kasuwanninmu irin waɗannan soket ɗin suke ɗauke da su.

Kamfanin AMD kuwa ya daɗe yana barin alluran a jikin firosesa. Firosesar soket ɗin AM4 tana da allurai 1331 a ƙasanta, shi kuma soket ɗin ramuka ne kawai. Sai a 2022, da soket ɗin AM5 mai allurai 1718, kamfanin ya koma irin tsarin Intel a kwamfutocin tebur na gama-gari.

Bambancin ba na suna ba ne kawai. A tsarin Intel da AM5, allura takan lanƙwashe ne idan soket yana buɗe, kuma asarar a kan madabod take faɗawa. A tsarin AM4, allura takan lanƙwashe ne lokacin cire masanyayi, asarar kuma a kan firosesa. Daga nan ne babbar ƙa'idar aikin ta fito: canza man sanyaya ba ya buƙatar a buɗe soket ko kaɗan. Firosesa ta zauna a kulle a mazauninta daga farkon aiki har ƙarshensa. Wanda ya ciro ta don ya ji daɗin gogewa a tafin hannu ya tone wa allurai sama da dubu asiri ba gaira ba dalili.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Bari mu bi aikin a kan kwamfuta guda: mai firosesar Core i5-6500, wadda ke zaune a soket ɗin LGA1151, tana fitar da wat 65, da masanyayin Intel na asali, mai zagaye, mai ƙafafun roba huɗu. Kayan da ake buƙata su ne sirinjin mai, ƙyalle mai tsabta marar gashi, sukundireba mai faffaɗan baki, buroshi mai taushi, da sifirit ɗin goge kayan lantarki wanda ake rubuta IPA a jikin kwalabarsa, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye. Sifirit ɗin kemis zai iya tsayawa a madadinsa in ba yadda za a yi, amma a ba shi lokaci ya bushe sarai. Fetur da tina ba su da gurbi a nan, domin suna cin roba.

Da farko a bar kwamfutar ta yi aiki na minti goma, saboda ɗumi yana sassauta tsohon mai. Sai a kashe ta, a zare wayar wuta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wutar da ke ciki ta fita. A kwantar da akwatin a gefensa yadda madabod zai kalli sama. Aiki a kan kwamfutar da ke tsaye shi ne mafarin yawancin ɗaurin da ke karkacewa, don nauyin masanyayi yana jan sa ƙasa tun ba a ɗaure ba. A taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai a ciki, musamman a lokacin hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa jiki tara lantarkin da kan yi wa mutum tsartuwa idan ya kama ƙofar mota.

A zare wayar fanka daga wurin da aka rubuta CPU_FAN. A kan kowace ƙafa ta masanyayin akwai baƙin kai mai alamar kibiya. A juya shi rubu'in zagaye zuwa inda kibiyar ta nuna, a ja shi sama. Idan an saki ƙafafun huɗu, kada a fizge. A ɗan murɗa masanyayin hagu da dama har a ji man ya saki, sannan a ɗaga shi sama a miƙe.

Kafin a goge komai, a tsaya a dubi tsohon man, domin yana ba da labari. Idan ya bushe ya tsattsage kamar laka a bakin kududdufi da rani, ya gama aikinsa. Idan ya yi siriri a gefe ɗaya ya yi kauri a ɗaya gefen, to tun asali ɗaurin a karkace yake, kuma akwai yiwuwar wata ƙafa ta karye ko ba ta shiga raminta ba. A duba ƙafafun yanzu, kafin a ɓata sabon mai.

Sai gogewa. A jiƙa ƙyallen da sifirit, ba firosesar za a tsiyaya wa ba. A goge daga gefen murfi zuwa tsakiya, domin kada a tura tsohon mai ya gangara bakin soket. A sake da wani sashe mai tsabta har rubutun da ke kan murfin ya fito fes. Haka za a yi wa gindin masanyayi. Wanda ya bushe ya ƙi fita a jiƙa shi a jira, kada a kankare da reza ko bakin sukundireba, don kowane ƙarzo sabon rami ne da iska za ta zauna. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wuraren biyu. A fitar da masanyayin waje a kakkaɓe ƙurar da ke tsakanin fikafikansa da buroshi. Wannan kaɗai, a garuruwa masu ƙura irin namu, yakan rage zafi fiye da sabon man.

Yanzu a shirya ƙafafun, kuma nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Kibiyar da ke kan baƙin kan alamar cirewa ce, ba ta ɗaurawa ba. Dole a mayar da kowane kai baya, kishiyar kibiyar, a kuma ja shi sama yadda farin bakin ƙafar mai tsaga biyu zai haɗe. Wanda ya bar kan a inda ya juya shi lokacin cirewa zai danna ya ji kamar ya shiga, alhali bai kulle ba, kuma bayan kwana biyu gefe ɗaya zai ɗage.

Yawan man da hanyar ɗiga shi

Ga murfi mai kusurwa huɗu daidai irin na LGA1151, ɗigo ɗaya a tsakiya ya isa, mai faɗin milimita 4 ko kusa da haka, wato kamar ƙwayar dawa mai kyau. Ba a shafa shi da yatsa, ba a baza shi da kati. Idan masanyayi ya sauka a kansa, matsi zai baza shi daga tsakiya zuwa gefe, yana tura iska waje a kan hanyarsa. Firosesar LGA1700 doguwa ce, milimita 37.5 a faɗi da 45 a tsawo, don haka ɗigo ɗaya ba ya kai wa ƙarshenta biyu. A nan siririn layi a tsaye, ko ɗigo a tsakiya da wasu ƙanana huɗu kusa da kusurwoyi, ya fi dacewa. Ta AM4, mai milimita 40 a kowane gefe, tana son ɗigon da ya ɗan ɗara na farko.

Masu sana'ar suna da dogon musu a kan wace siffa ta fi, ɗigo ko layi ko gicciye ko bazawa. A ganin wannan marubucin musun ya fi amfaninsa yawa. Matuƙar man ya rufe murfin kuma masanyayi ya matsa daidai, bambancin da ke tsakanin siffofin ƙanƙane ne. In dai za a yi kuskure, gara man ya ɗan yi yawa da ya gaza, domin matsi zai fitar da rarar zuwa gefe, amma ba abin da zai cike wurin da mai bai kai ba. Illar yawan ita ce ƙazanta: rarar takan taru a gefen murfi, ranar da aka buɗe soket kuma ta sami hanyar shiga cikin allurai.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Sabon masanyayi yakan zo da mansa a shafe a gindi, kuma ba a ƙara wani a kansa. Wasu kuma sukan zo da siririyar leda manne a gindin, wadda dole a ɓare. Mantawa da ita kuskure ne da ko ƙwararru ba su tsira daga gare shi ba. Na uku shi ne abin da ake kira ruwan ƙarfe, mai sheƙi kamar azurfa. Yana kai zafi fiye da kowane mai, amma yana kai wutar lantarki, kuma sinadarin galiyam da ke cikinsa yana cin alminiyam. Ba shi da wuri a kwamfutar ofis. Man goge baki da girisin mota, waɗanda wasu kan gwada in an rasa na gaske, ba don wannan aikin aka yi su ba: na farko yakan bushe cikin ɗan lokaci, na biyu kuma ba ya kai zafi yadda ake so.

Ɗaura masanyayi

A riƙe masanyayin a sama, a daidaita ƙafafunsa huɗu da ramuka huɗun madabod, a kuma lura cewa wayar fanka za ta kai mazauninta. Sannan a sauke shi a miƙe, sau ɗaya. A leƙa a tabbata fararen bakunan huɗu duk sun shiga ramukansu, domin wani lokaci rabin tsagar kan shiga, ɗaya rabin ya tanƙware a kan allo. Da an tabbata, a danna kawuna biyu masu kallon juna ta kusurwa, wato na sama ta hagu da na ƙasa ta dama, har a ji ƙas. Sai a danna sauran biyun. Idan akwatin yana da taga ta baya, a duba: baƙin tsinken kowace ƙafa ya kamata ya ratsa farin ya buɗa shi. A ƙarshe a kama masanyayin a ɗan girgiza. Wanda ya ɗauru ba ya motsi shi kaɗai.

Dalilin bin kusurwa da kusurwa shi ne rabon nauyi. Idan aka fara danne gefe ɗaya gaba ɗaya, masanyayin zai karkace, ya tura man zuwa ɗaya gefen, ya kuma ɗora duk matsinsa a kan baki ɗaya na firosesa da alluran da ke ƙarƙashinsa.

Kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni galibi ba ƙafafun roba suke da su ba, sukurori huɗu ne masu sifirin, wasu ma da lamba 1 zuwa 4 a gefensu. Dokar ɗaya ce. A fara kama kowane sukuru da zagaye ɗaya ko biyu don ya kama zarensa, sannan a riƙa zagayawa kusurwa da kusurwa, zagaye biyu-biyu, har kowanne ya tsaya da kansa. Inda ya tsaya, nan aikin ya ƙare. Sifirin ɗin ne ke auna matsin da ya dace, ba ƙarfin damtse ba. Wanda ya ƙara murɗawa don ya tabbata yana iya tanƙwara madabod, har wasu allurai su daina taɓa ɗigonsu ko da ba su lanƙwashe ba. Haka nan kada a tilasta wa soket masanyayin da ba nasa ba: tazarar ramukan LGA1151 da LGA1200 milimita 75 ce, ta LGA1700 kuma 78, kuma tsayin firosesar ma ya bambanta.

Idan bayan an sauke masanyayi a kan man aka ɗaga shi saboda wani dalili, a goge a sake sabon ɗigo. Man da aka raba ya riga ya haɗiyi iska. Sannan kada a manta da mayar da wayar fanka a CPU_FAN.

Tarkon AM4

A soket ɗin AM4 ba wani murfin ƙarfe da ke danne firosesa. Ɗan mariƙin da ke gefe yana matse alluran ne kawai a cikin ramukansu. Idan tsohon mai ya bushe ya zama kamar gam, aka kuma ja masanyayi sama kai tsaye, firosesar takan fito manne a gindinsa alhali soket yana kulle. Shi ya sa ɗumamawa da murɗawa, waɗanda a kan Intel kyautatawa ce, a nan wajibi ne.

Idan hakan ta faru, kada a mayar da su tare a danna, domin ramukan a rufe suke kuma alluran za su kwanta. A juya masanyayin alluran su kalli sama, a kama firosesar ta gefunanta, a murɗa ta a hankali har ta saki. Iskar na'urar busar da gashi tana taimakawa wajen sassauta man. Sai a duba layukan alluran a gaban haske, a ɗaga mariƙin soket ya miƙe tsaye, a daidaita alamar kusurwa uku ta zinare da ke jikin firosesa da takwararta a soket, a sake ta. Da nauyinta kaɗai ya kamata ta faɗa ciki. In ta tsaya a sama, akwai allurar da ta kauce, kuma dannawa karya ta zai yi.

Idan dole ne a buɗe soket

Wani lokaci ba makawa, kamar idan za a canza firosesar kanta. A soket ɗin Intel, a danna mariƙin ƙasa, a fitar da shi daga ƙugiyarsa, a ɗaga shi tare da murfin soket. A fara goge duk man da ke gefe kafin a buɗe. A kama firosesar da babban yatsa da manuni ta gefunan da aka bar wa yatsu gurbi, a ɗaga ta sama a miƙe. Wajen mayarwa, a daidaita alamar kusurwa uku da tsagogin da ke gefen firosesar da 'yan ƙusoshin robar soket, a kawo ta dab da mazauninta a kwance, sannan a saki. Ba a jefa ta daga nesa, ba a fara sa kusurwa ɗaya, ba a kuma ja ta a kan alluran don ta daidaita. In ba ta zauna ba, a ɗaga a sake. Mariƙin yana da tauri wajen rufewa, wannan ba matsala ba ce matuƙar firosesar ta zauna daidai tun farko.

Muddin soket yana buɗe, kada wani abu ya ratsa ta samansa: sukundireba, sirinjin mai, hannun riga, ko igiyar katin shaida da ma'aikata ke ratayawa a wuya. Ƙyalle da auduga sun fi komai haɗari, domin zarensu yana sarƙe allura ya ja ta. Idan ɗan mai ya faɗa ciki, ba a gogewa; yawancin man yau da kullum ba ya kai wuta, kuma an fi samun ɓarna wajen ƙoƙarin cire shi da a barin ɗan kaɗan. Mai yawa kuwa aikin wanda ke da madubin ƙara girma ne. Baƙin murfin roba da sabon madabod ke zuwa da shi a ajiye shi, don shi ake mayarwa duk lokacin da soket zai zauna babu firosesa, kuma masu ƙera madabod kan nemi a dawo da shi a rufe idan za a yi maganar garanti.

Yadda za a gane ko aikin ya yi

A kunna kwamfutar da akwatin a buɗe, a ga fanka tana juyawa. Ana iya ganin zafin firosesa a shafin BIOS, ko da manhaja irin su HWiNFO da Core Temp. Zafin ɗaki yana shiga lissafi: a watan Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, firosesar da ba ta aikin komai tana iya nuna digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyas ba tare da wata matsala ba, domin masanyayi ba zai iya sauke ta ƙasa da zafin iskar da yake shaƙa ba. Gwajin gaskiya shi ne a ba ta aiki mai nauyi na minti goma. Yawancin firosesoshin Intel na tebur suna fara rage gudu don kare kansu a wajen digiri 100, na AMD da yawa kuma a 95.

Yadda zafin ke hawa ya fi lambar kanta bayani. Idan ya yi tsalle zuwa 95 cikin 'yan daƙiƙu, kuma aka taɓa fikafikan masanyayi aka ji su da sanyi, to zafin ba ya ƙetarawa: ko wata ƙafa ba ta kulle ba, ko an bar leda, ko man bai isa ba. Idan kuwa a hankali yake hawa, fikafikan kuma suna ƙuna, to man ya yi aikinsa, matsalar ta iska ce, wato ƙura, ko fanka mai rauni, ko akwatin da aka cusa a lungun da ba ya shan iska.

Alamar allura daban take. Kwamfutar na iya kunnuwa fanka na juyawa amma allo ya ƙi kawo hoto, ko ta riƙa kunnuwa tana mutuwa. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce ɓacewar rabin ma'adanar RAM: kwamfuta mai 16 GB ta koma nuna 8 GB, saboda da yawa daga cikin alluran soket hanyoyi ne tsakanin firosesa da ma'adanar. Kafin a yanke hukunci, a sake zaunar da RAM ɗin, sannan a sassauta sukurorin masanyayi a sake ɗaure su daidai, domin matsi marar daidaito yana kawo irin wannan alamar. Sai in duk wannan bai yi ba za a buɗe soket a haska shi da tocila daga gefe. Alluran lafiyayyu duka suna mayar da haske iri ɗaya, layi-layi, wadda ta kauce kuma takan fito kamar tabo a tsakaninsu.

Allurar AM4 da ta karkace ana iya miƙar da ita ta hanyar zura siririn kati a tsakanin layuka, ko a sa ta cikin bakin fensir mai cin lid na milimita 0.5 wanda aka cire wa lid ɗin, a tayar da ita kaɗan-kaɗan. Ta cikin soket ɗin Intel ta fi wuya nesa, domin siririya ce kuma asalinta a lanƙwashe take ta wata siffa da dole a maido. Ana yi da bakin allurar ɗinki a ƙarƙashin madubi, kuma ƙarfen ba ya jure a kai shi a dawo da shi fiye da sau biyu ko uku kafin ya karye. Wasu alluran na wuta ne ko na ƙasa, waɗanda ke da 'yan'uwa da yawa masu aiki iri ɗaya, don haka kwamfuta takan ci gaba da aiki ko an rasa ɗaya. Idan kuwa wadda ta karye ta hanyar ma'adana ce, sai dai a canza soket ɗin gaba ɗaya da injin zafi na musamman, aikin da a kan tsohuwar kwamfutar ofis kuɗinsa kan kusan kai na wani madabod ɗin na hannu.